Idan Larabci Ya Fi Ƙarfin Gurbin da Aka Bar Masa a Kan Hoto

Daga 1 zuwa 7 ga Agustan kowace shekara ake gudanar da Makon Shayar da Nonon Uwa na Duniya, wanda aka soma tun 1992. Kafin lokacin ya zo, ƙungiyoyin lafiya kan tanadi fastoci da hotunan da za a yaɗa ta waya: uwa rungume da jaririnta, ga rubutu a gefe. Yawanci da Turanci ake fara tsarawa, sai an gama an amince sannan a tura wa masu fassara. Larabci na cikin harsunan da ba a tsallakewa, domin yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1973, kuma harshen hukuma ne a Sudan da Chadi, inda Hausawa da yawa ke zaune. To a nan ne mai tsara fasta ke gamuwa da aikin da mai kallo ba ya taɓa sanin an yi shi. Hoto bai canja ba, gurbin rubutu bai ƙaru ba, amma abin da za a zuba a ciki ya ƙaru.

Ga misalin da za a bi daki-daki. Hoto ne mai kusurwa huɗu daidai, fiksel 1080 a tsaye, 1080 a kwance, irin wanda ake sawa a shafukan sada zumunta. Fiksel shi ne ɗan ɗigon hasken da ake auna hoto da shi a fuskar waya ko kwamfuta. Uwa da jaririnta suna ɓangaren dama. A sama ta hagu akwai bango fili, nan mai zane ya ware gurbi mai faɗin fiksel 480 da tsayin 330. Ya jera kan magana sheɗara uku da manyan baƙaƙe sirara masu girman fiksel 88: WORLD, sai BREASTFEEDING, sai WEEK. Da yake manyan baƙaƙen boko tsayinsu ɗaya, babu mai wutsiya a ƙasa, ya matse sheɗarun dab da juna, suka ci fiksel 264. Ragowar 66 ya sa ƙaramin kira ga jama'a da kwanan wata.

Sai fassara ta iso: الأسبوع العالمي للرضاعة الطبيعية. Kalma uku ta koma huɗu, harafi 22 ya koma 29.

Daga ina tsawon yake fitowa

Ba kullum Larabci ke fin Turanci tsawo ba. Tun da ba a rubuta gajerun wasula, jimla da yawa kan fito gajeru. Amma rubutun kan hoto ba jimla ce ta yau da kullum ba. Kan magana ne, kuma Turanci na da dabarun matse kan magana da Larabci bai da su. Yakan manne kalma biyu ta zama ɗaya, kamar yadda ya yi wa shayar da nono, inda Larabci ke buƙatar suna da siffarsa, kowanne ɗauke da alif da lam ɗinsa. Yakan kuma taƙaita sunan hukuma da harufan farko. Hukumar Lafiya ta Duniya harafi uku ce a Turanci, WHO, amma a Larabci kalma uku ce mai harafi 18: منظمة الصحة العالمية.

Ƙari na biyu ba a faɗi yake ba, a tsaye yake. Wanda ya yi karatun allo ya san alif da lam kan miƙe sama, ra da wau da mim kan sauko ƙasa, ainu da jim na ƙarshen kalma kuwa su yi tumbi har ƙarƙashin layi. Ga ɗigo a sama, ga ɗigo a ƙasa. Saboda haka sheɗarar Larabci tana bukatar sarari a bisa da ƙasa fiye da ta boko. Bugu da ƙari, jikin harufan da ke zaune a kan layi, irin su ba da nun da sin, gajere ne, don haka idan aka ba Larabci da boko lambar girma ɗaya, Larabcin kan yi kamar ya fi ƙanƙanta. Ke nan rubutun da ya riga ya fi tsawo yana kuma neman a ƙara masa girma da tazara, alhali gurbi na nan yadda yake.

Idan mai zane ya ce zai kwaikwayi tsarin Turancin, kalma ɗaya a kowace sheɗara da girman 88, lissafi zai ƙi. Ko an matse, kowace sheɗara za ta ci kusan fiksel 123, huɗu su ci 492. Gurbin 330 ne kawai. Kalmar ƙarshe za ta sauka a kan kafaɗar uwa.

Hanyoyin da ke ɓata rubutu

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne kama gefen akwatin rubutu a matse shi. A boko ma wannan aibi ne, a Larabci ya fi muni. Layukan da ke tsaye sai su sirance, na kwance su tsaya da kaurinsu, idon fa da ƙaf da mim ya tsuke, ɗigo mai kyau ya koma tsinke. Ana gane rubutun da aka yi wa haka daga nesa: alif ya rame, layin da ke haɗa haruffa ya fi shi jiki.

Na biyu shi ne rage tazarar da ke tsakanin harafi da harafi. A boko kowane harafi zaman kansa yake, ana iya matso da shi ko a nisanta shi kaɗan. Larabci haɗe yake. Cikin haruffa 28, guda 6 ne kacal ba sa haɗuwa da na bayansu: alif, dal, zal, ra, zayin da wau. Sauran duk riƙe suke da juna, kuma mai ƙera salon rubutun ya riga ya auna tsawon kowace mahaɗa. In aka rage tazara, haƙoran sin su hau kan na ba, ɗigon wannan ya faɗa kan na wancan. In aka ƙara, a wasu manhajoji mahaɗar ta tsinke, kalma ta wargaje. Don haka akwatin da aka rubuta Tracking a manhajojin Adobe, sifili ya kamata a bar shi ga Larabci. Kuskuren da ke yawan faruwa shi ne a liƙa fassarar a cikin akwatin Turancin da aka riga aka matse, Larabcin ya gaji matsin ba tare da an lura ba.

Akwai ja da ake yi wa mahaɗa, wanda ake kira kashida ko taɗwili, amma shi tsawo yake ƙarawa. Amfaninsa a cike gajeriyar sheɗara ta yi daidai da 'yar'uwarta, ba ya rage komai. Haka nan babu damar raba kalma biyu da karan ɗori a ƙarshen sheɗara kamar yadda jaridun boko ke yi. Larabcin zamani bai san wannan ba. Kalma ko ta shiga gaba ɗaya ko ta sauka ƙasa gaba ɗaya.

A fara da kalmomi

Masu wannan aiki da suka goge ba sa taɓa salon rubutu sai sun koma wurin mai fassara. Sukan tura masa hoton da kansa, su nuna masa gurbin, su ce ga iyakar abin da zai ɗauka. Mai fassarar da aka ba kalmomi tsirara a takarda zai kawo cikakkiyar jimla, domin ita ce daidai a wurinsa. Wanda ya ga hoton ya san kan magana ake nema.

A ce ƙaramin kiran da ke ƙasan kan maganar yana neman a tallafa wa iyaye mata a wuraren aiki. Fassarar farko ta zo da kalma shida: قدموا الدعم للأمهات في أماكن العمل. A girman fiksel 34 wannan ya wuce faɗin 480, sai ya karye biyu. Da aka koma wa mai fassara, ya kawo kalma uku: ادعموا الأمهات العاملات, wato ku tallafa wa iyaye mata ma'aikata. Ya zauna a sheɗara ɗaya har da rara. Ma'anar ta ɗan gusa, daga wurin aiki zuwa masu aikin, shi ya sa ba mai zane ke yanke wannan hukunci shi kaɗai ba. Sai mai saƙon ya ji ya amince.

Akwai kuma abin da ba a ragewa. Sunan makon suna ne tsayayye da ake amfani da shi ko'ina, ba a cire masa kalma don a sami wuri. Sunan hukuma ma haka, sai dai a fitar da shi daga cikin rubutun a sa tambarinta na Larabci a kusurwa.

Kwanan wata na da nasa tarkon. Watan Agusta a Masar da Sudan da ƙasashen Gulf أغسطس ne, a Sham da Iraƙi آب, a Maroko غشت, a Aljeriya da Tunisiya أوت. Takardun Majalisar Ɗinkin Duniya kan haɗa biyu, آب/أغسطس, don kowa ya gane. In an san fastar Khartoum za ta, suna ɗaya ya isa, an sami wuri. Lambobi ma sai an tambaya: Arewa maso Yammacin Afirka 1, 2, 3 ake rubutawa, Masar da Sudan kuwa an saba da ١، ٢، ٣. Sannan idan aka rubuta 1–7 a tsakiyar rubutun da ke tafiya daga dama, manhaja na iya juya tsarin, mai karatu ya rasa ko daga 1 zuwa 7 ne ko daga 7 zuwa 1. Ya fi aminci a rubuta من 1 إلى 7 أغسطس, ko da ya ɗan ƙara tsawo.

Inda za a karya sheɗara

Da sheɗara huɗu ta ƙi, saura uku ko biyu. Uku tana da jan hankali, don za ta yi kama da ta Turancin. Amma duk yadda aka raba kalma huɗun nan gida uku, dole a raba wani suna da siffarsa: ko mako ya rabu da «na duniya», ko shayarwa ta rabu da kalmar da ke nuna ta nonon uwa ce. Balarabe zai ji tuntuɓe a nan. Karyawar da harshen ya yarda da ita biyu ce: الأسبوع العالمي a sama, للرضاعة الطبيعية a ƙasa. Sa'a kuma, harafi 14 ne da 15, tsawonsu ya kusa zama ɗaya, don haka babu bukatar jan kashida.

Mai zanen da ba ya jin Larabci ba zai ga wannan da ido ba. Ya nemi mai fassara ya sa masa alama a inda za a iya karyawa.

Zaɓen salon rubutu

Yanzu tambaya ta koma: wane salo ne zai ɗauki harafi 15 a faɗin 480 ba tare da ya ƙanƙance ba? Matsalar tsohuwa ce. Magabata masu rubutu da alƙalami sukan warware ta da ɗora kalma kan kalma, kamar yadda ake gani a rubutun Sulusi na bangon masallatai. Da injin buga jarida ya zo, wannan damar ta tafi. A shekarun 1950 kamfanin Linotype ya haɗa kai da Kamel Mrowa, mai jaridar Al-Hayat ta Beirut, suka fitar da sauƙaƙan haruffa masu siffa biyu a maimakon huɗu don su shiga injin, salon da daga baya aka sani da Yakout. Yau dai mai zane na da zaɓi da yawa kyauta, amma ya san halin kowanne.

Iyalin Nasakhi, wato rubutun littattafai, shi ya fi daɗin karatu idan rubutu ya yi yawa. Amiri, wanda Khaled Hosny ya farfaɗo da shi daga haruffan maɗaba'ar Bulaq ta Alƙahira, yana da kyau ƙwarai, amma yana da dogayen wutsiyoyi da layuka sirara. Yana cin tsayi, kuma siraran wurarensa kan nutse a cikin hoto. Ga gurbi matsattse a kan bango mai inuwa, ba shi ne ba.

Salon zamani masu kaurin layi ɗaya, waɗanda suka ɗebo daga Kufi, su suka fi dacewa da irin wannan wuri. An ɗaga jikin haruffansu, an gajarce wutsiyoyi, don haka sheɗaru kan kusanci juna ba tare da karo ba. Cairo na Mohamed Gaber da Tajawal suna cikinsu. Sai dai wasu na wannan iyali, irin Noto Kufi Arabic, suna da faɗi. Abin da suka ba ka a tsaye sai su karɓe a kwance. Idan faɗi ne matsalar, a nemi salon da mai shi ya ƙera masa siriri tun asali, kamar Noto Sans Arabic da ke da nau'in Condensed. Bambancinsa da matsewa da hannu shi ne an sake zana kowane harafi, kaurin layi da girman ɗigo suka tsaya daidai.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a rubuta sheɗarar da ta fi tsawo da salo uku ko huɗu, a ƙara wa kowanne girma har ya cika faɗin gurbi, sannan a duba wanda ya fi fitowa daga nesa. Ba lambar girma ake bi ba, domin 64 a wani salon ba 64 ba ne a wani.

A misalin nan, salo mai kauri irin Cairo zai cika faɗin a wajen fiksel 64. Aka ba kowace sheɗara ninki ɗaya da rabi na girman harafi, wato 96, biyu suka ci 192. Ƙaramin kira da kwanan wata, kowanne girman 34 da tazara iri ɗaya, suka ci 51 sau biyu. Jimilla 294, saura 36 da za a raba tsakanin kan magana da na ƙasa. Komai ya shiga, ba a taɓa jikin harafi ko ɗaya ba. Gaskiya ne 64 bai kai 88 ba, amma kaurin salon da tsawon sheɗarun sun mayar wa kan maganar nauyinta.

Tazarar sheɗara ba doka ce ƙafaffiya ba. Ana iya matsowa har sai ɗigo biyun ya ko wutsiyar ainun الأسبوع ta kusa taɓa kan alif da lam na ƙasa; daga nan a tsaya a ɗan koma baya. Wasali kuwa, in ba saƙon na yara ba ne ko nassi, a cire shi sai inda rashinsa zai kawo ruɗani, don yana cin tsayi. Ayar Alƙur'ani daban ce: ba a rage mata wasali ko harafi, sai dai a canja hoto ko a faɗaɗa gurbi.

Ɗigo da bangon hoto

Haruffa 15 cikin 28 suna da ɗigo, kuma ba, ta, sa, nun da ya a tsakiyar kalma ɗigon ne kaɗai ke raba su. A farar takarda wannan ba damuwa. A kan hoto kuwa, inda akwai tabon bango ko zanen atamfa ko hasken rana ta cikin ganye, farin ɗigo na iya ɓacewa, ko wani tabo ya zama ɗigon da babu shi. Idan ɗigon da ke kan ض na للرضاعة ya faɗa kan wuri mai haske, harafin ya koma ص, kalmar ta tashi daga shayarwa.

Maganin a hoton yake. Ana shimfiɗa inuwa mai duhu a ƙarƙashin rubutu, mai dusashewa a hankali kafin ta kai fuskar uwa, ko a ɗan dishe bangon. Ƙa'idar WCAG, wadda masu tsara shafukan intanet ke bi, ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1 ga ƙananan haruffa, 3 bisa 1 ga manya. A auna a wurin da bangon ya fi haske. Zagaye haruffa da baƙin layi mai kauri kuwa kan haɗe ɗigo biyu su zama ɗaya, ya toshe idon fa da wau.

Saura batun gefe. Larabci daga dama yake farawa, don haka a cikin gurbin sai a jingina shi dama. Wasu kan juya hoton gaba ɗaya don uwa ta koma hagu, rubutu ya koma dama. Kafin a yi haka a duba da kyau. Hannun dama zai koma hagu, kuma uwar da ke ba yaro abinci ko mutumin da ke miƙa gaisuwa da hagu abu ne da Larabawa da Hausawa duka za su gani nan take. Duk rubutun da ke jikin riga ko allon asibiti shi ma zai birkice. In da hali, a nemi wani hoton daga cikin waɗanda aka ɗauka rana ɗaya. In babu, a bar hoton yadda yake, rubutu ya zauna hagu yana jingine dama.

Dubawar ƙarshe

Akwai ɓarnar da ke faruwa tun kafin a kai ga duk wannan. Idan ba a kunna tsarin rubutun Gabas ta Tsakiya a manhaja ba, wanda a InDesign ake kira Adobe World-Ready Paragraph Composer, Larabci kan fito a warwatse, kowane harafi shi kaɗai, kuma daga hagu zuwa dama. Ko wanda ba ya karanta Larabci zai iya kama wannan: ya kwatanta da takardar mai fassara, in ya ga babu mahaɗa tsakanin haruffa, ko alif da lam sun koma ƙarshen hagu na kalma, to rubutu ya juye.

Bayan an fitar da hoton, a tura shi waya a duba a ƙaramar fuska, don can jama'a za su gan shi, kuma manhajojin tura saƙo kan rage ingancin hoto, ɗigo ne ke fara shan wahala. Sannan a mayar wa mai fassara hoton da aka gama ya karanta a kansa, ba a takardar farko ba.

Wannan ya shafi masu shagunan zane na Kano da Zinder da N'Djamena da ke haɗa katin walimar saukar Alƙur'ani, allon makarantar Islamiyya ko tallan kamfanin aikin Hajji da boko da Larabci, har ma da ajami. Ga masu ba da aikin kuwa, in an san tun farko za a fassara, a gaya wa mai ɗaukar hoto ya bar fili a gefe biyu, a gaya wa mai zane kada ya cika gurbin da Turanci har baki, sannan a ware wa mai fassara lokacin da zai duba hoton kafin a buga.